Ƙur'i: Tsarki Ne Ko Jini? Gardamar Tafintoci Biyu a Gadarif

Wata rana bayan la'asar mun zauna shan jabana a wani zaure na unguwar Hausawa a nan Gadarif, inda muka tarar da tafintoci biyu, dattijo da saurayi, suna juya wani ɗan littafin aure da saki daga Larabci zuwa Hausa. Kalma ɗaya ce ta tsai da su, wato ƙur'i, jam'inta ƙuru'u, wadda ta zo a aya ta 228 ta Suratul Baƙara, inda aka ce iddar matar da aka saki ƙur'i uku ce. A bakin Larabawa kuwa ƙur'i yana nufin tsarki, yana kuma nufin haila. Irin waɗannan kalmomi masu ma'ana biyu kishiyoyin juna su ake kira addad.

Dattijon ya ce, "Rubuta tsarki uku, ɗana. Mu Malikawa ne, haka muka karanta a Risala, kuma tsarki Shehu Abubakar Gumi ya zaɓa a tarjamarsa. Fahimtar Nana A'isha da Zaidu ɗan Sabitu ke nan. Ga kuma hujjar nahawu: adadin ya zo da siffar da ake ƙirga namiji da ita, tsarki kuwa a Larabci namiji ne, haila mace."

Saurayin ya ce, "Allah gafarta Malam, ai ita kanta kalmar ƙur'i namiji ce, ko da me take nufi, don haka nahawu bai raba gardama ba. Sayyidina Umar da Aliyu da Ibn Mas'ud jini suka fahimta, Abu Hanifa ya bi su. An ce uku, amma a lissafinku biyu ne da guntu."

Da muka nemi a warware mana wannan magana ta guntu, sai saurayin ya zana mana a ƙasa. A ce mutum ya saki matarsa saki ɗaya tana cikin tsarki, saura kwana biyu jini ya zo. Wurin Malikawa waɗannan kwana biyun sun zama ƙur'i na farko. Bayan jinin farko ta yi tsarki na biyu, bayan jini na biyu ta yi na uku. Da zarar ta ga jini na uku, idda ta cika. Wurin Hanafawa kuwa sai jini na ukun ya ɗauke. Idan al'adarta kwana 6 ce, to tsakanin lissafin biyu akwai kwana 6.

Ya ce, "Malam, a ce mijin ya yi kome a kwana na uku na waɗannan kwanaki. A fassararka ya makara, sai da yardarta da waliyyi da sabon sadaki. A tawa kuwa matarsa ce. In kuma rasuwa ya yi a lokacin, a tawa tana gadonsa, a taka ba ta gado."

Dattijon ya ce, "To ka gani, dole a zaɓi ɗaya. Mai karatu ba muhawara ya zo nema ba."

Saurayin ya ce, "Da a Kano ko Sakkwato muke, da na yi shiru, domin can malamin zaure da alƙali duk Malikawa ne. Nan Sudan fa? Jama'a Malikawa ne, amma tun zamanin mulkin Ingilishi da Masar kotunan shari'a sun fi dogara da mazhabar Hanafi, kuma dokar iyali ta 1991 ita take komawa inda ba ta yi magana ba. In muka rubuta tsarki kawai, mace za ta ƙirga da lissafinmu, ta je gaban alƙali ta tarar da wani."

Dattijon ya ɗan yi shiru, sa'an nan ya ce, "In kuma muka rubuta jini kawai, limaminta zai ce mun ɓatar da ita. Hausa ba ta da kalmar da za ta ɗauki kaya biyun nan."

Daga ƙarshe suka bar kalmar ƙur'i yadda take, suka sa bayani a ƙarƙashinta: tsarki wurin Malik da Shafi'i, jini wurin Abu Hanifa, tare da misalin kwana 6 ɗin nan. Sai dai har muka tashi ba su daidaita kan wanda za a fara ambata ba.

Mu dai abin da muka ƙaru da shi shi ne, duk wanda aka karanta masa takardar saki ko hukuncin kotu ya ji an ce ƙuru'u, ya tambayi tafinta da wane lissafi aka yi, kuma a rubuta ranar sakin da ranar da jini na uku ya fara da ranar da ya ɗauke.