Ciwon Maƙogwaro Da Ke Kulle Baki

A ɗauki wani tela ɗan shekara 22. Ran Litinin ya tashi da ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, ya sayi ƙwaya a kemis, ya koma kan kekensa. Zuwa Alhamis ciwon ya bar ɓangaren hagu ya tare a dama, har kunnen dama na yi masa suka in ya haɗiyi wani abu. Ran Juma'a mahaifiyarsa ta kawo masa tuwo, ya kasa buɗa baki lomar ta shiga. Ta ce, "Kai yaron nan, wannan ai beli ne, a kira wanzami." Ya ce, "Inna, ko yawu ba na iya haɗiyewa," da wata murya kamar ta wanda ya guntsi kunu mai zafi.

Belin ba shi da laifi. A can ƙurya cikin baki akwai wasu ƙululai biyu, dama da hagu, da ma'aikatan asibiti ke kira tonsil. Idan sun kamu da ƙwayoyin cuta, wani lokaci mugunya takan taru a bayan ɗaya daga cikinsu, tsakaninsa da naman da ke bangon maƙogwaro. Maruru ne, sai dai ya fito a wurin da numfashi da abinci ke bi. Ya fi kama samari da 'yan mata da matasa.

Wurin da ya fito shi ke bayyana alamominsa. Ciwon maƙogwaro na mura yakan kama gefe biyu, mutum yana jin zafi amma yana hangame baki yadda yake so. Wannan kuwa gefe guda ne, kuma yana dab da naman da ke motsa muƙamuƙi. Kumburin na taɓa naman sai ya ɗaure, baki ya ƙi buɗuwa. Akwai gwajin da kowa zai iya yi a gida: babban mutum mai lafiya yana iya jera yatsunsa uku a tsaye tsakanin haƙoran sama da na ƙasa. Telan nan da ƙyar ɗaya ke shiga. Ciwon kunnen ma ba na kunne ba ne, jijiya ɗaya ce ke kai saƙon zafi daga maƙogwaro da kunne, sai ciwon ya yi kamar daga can yake.

In an samu ya ɗan buɗa, a haska da tocilar waya. Za a ga saman tonsil ɗin gefen da ke ciwo ya yi ja ya turo, shi kuma belin da ya kamata ya rataya a tsakiya ya karkata zuwa gefen lafiya. Mugunya ce ta ture shi. A nan ne mutanenmu ke ruɗewa, ido ya faɗa kan beli, sai a ɗora masa laifi. Yanke shi ba ya fitar da ko ɗigon mugunya, sai dai ƙarin rauni da zubar jini a maƙogwaron da tuni ya matse. Sauran alamomin su ne warin baki, dalalar yawu, da kaluluwa a ƙarƙashin muƙamuƙin gefen.

Ba kowane kullewar baki ne wannan ba. Turmin haƙori na ƙarshe idan ya kumbura yakan hana buɗa baki, amma zafinsa a dasashi yake. Tetanus ma yana sarƙe haƙora, sai dai yakan biyo bayan rauni, wuya da baya su sandare, ba tare da kumburi a gefen maƙogwaro ba.

Telan nan asibiti zai tafi a ranar. Likita zai kashe zafin wurin, ya sa allura ya zuƙe mugunyar, ko ya ɗan tsaga ta fita. Sau da yawa mara lafiya na jin sauƙi nan take, baki ya fara saki. Daga nan sai maganin kashe ƙwayoyin cuta na kwanaki, da ƙarin ruwa in ya daɗe bai sha komai ba. Ba aikin gida ba ne, don babbar jijiyar jini ta wuya tana wucewa a bayan wurin, kuma idan marurun ya fashe da kansa mugunya na iya sarƙe mutum ta shiga huhu.

Idan kuwa numfashi ya fara ƙara, ko mutum ya kasa kwanciya sai a zaune, ko wuya ya kumbura ta waje ya ƙi juyawa, cutar ta fara zarcewa cikin wuya. Ko ƙarfe biyun dare ne a nemi mota, kuma a tafi da shi a zaune, kada a kwantar da shi rigingine.