Wasiƙar Malamin Aji Zuwa ga Iyaye

A yawancin jihohin Nijeriya, a watan Satumba ake buɗe sabuwar shekarar karatu mai zango uku. A makon farko wasu malamai kan saka wa kowane ɗalibi takarda a jaka, wato wasiƙar maraba zuwa ga iyaye. Da yawansu gaisuwa ce da addu'a da nasiha kan tarbiyya, uwa ta karanta ta ninke ba ta samu amsar abin da ke ranta ba. Tambayoyinta kuwa na yau da kullum ne: ƙarfe nawa ake rufe ƙofa, wa ake damƙa wa yaro in an tashi, in ya kwana da zazzaɓi wa za ta gaya wa?

A ce malama ce ke riƙe da aji ɗaya na firamare a Kano, yara arba'in. Bayan sallama da sunanta da ajinta, lokuta za ta fara kawowa, kuma da lamba. "A riƙa turo yara da wuri" magana ce da kowane gida zai fahimta yadda ya ga dama. Sai ta rubuta cewa ana jeruwa a fili ƙarfe 7:45, ana kiran suna ƙarfe 8:00, ana fita tara ƙarfe 10:00, ana tashi ƙarfe 1:30, ranar Juma'a kuma ƙarfe 12:00 saboda masallaci. Ta ƙara da cewa in azumi ya kama za a aiko da sabon lokaci. Haka aikin gida: ta faɗi ranakun da take bayarwa, kamar Litinin da Laraba, da cewa ba zai wuce minti ashirin ba. Yaran nan galibi suna da Islamiyya da yamma, in uwa ta san ranar sai ta san yadda za ta raba wa ɗanta lokaci.

Maganar ɗaukar yaro ba a wasa da ita. Wasiƙa ta nemi sunan wanda zai riƙa zuwa, yaya ne ko kawu ko mai adaidaita sahu, ta kuma bayyana cewa baƙuwar fuska ba za ta tafi da yaro ba sai iyaye sun kira tukuna.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne hanyar samun malama. Wata takan rubuta lambar waya kawai, ba lokaci. Sai uba ya kira ƙarfe 9:30 tana tsakiyar darasi, ba ta ɗauka ba, ya ƙullace ta da wulaƙanci. Wani kuma ya kira bayan isha'i tana cikin iyalinta. Babu mai laifi a cikinsu, wasiƙar ce ba ta rarrabe al'amura ba. Gara ta kasa su. Abin gaggawa, kamar rashin lafiya ko sauya mai ɗaukar yaro, a kira ofishin hedimasta, domin can akwai mai amsawa lokacin darasi. Tambaya kan aikin gida ko littafi, a aiko saƙo, ta amsa tsakanin ƙarfe 4:00 da 6:00 na yamma, ko washegari. Maganar halin yaro ko koma-bayansa a karatu kuwa ta zama ce ido da ido, sai ta ware rana, misali Alhamis bayan tashi. In akwai zauren WhatsApp na aji, ta faɗa tun farko cewa na sanarwa ne, ba a kawo ƙarar ɗan wani a ciki. A ganina duk alkawarin da malama ta san ba za ta iya cikawa ba, kada ta rubuta shi, domin saƙon da aka ce za a amsa aka yi shiru ya fi rashin lambar ɓata zumunci.

Akwai kuma gidajen da ba a karatun boko, ko aka fi sabawa da ajami. Wasiƙar Turanci zalla a irin wannan gida sai an jira maƙwabci. A rubuta ta da Hausa, shafi ɗaya, sannan malama ta karanta ta a saƙon murya ga masu waya.

A ƙasan takardar a bar wurin yagewa, iyaye su cika su maido: lambobin waya biyu, sunan mai ɗaukar yaro, da duk wata larura kamar sikila ko asma. Wannan guntun ne zai nuna wa malama ko wasiƙarta ta isa. In bayan mako guda talatin ne suka dawo cikin arba'in, to gidaje goma ke nan da za ta bibiya, ta tare mai zuwa ɗaukar yaron a bakin ƙofa ta faɗa masa da baki, ta kuma duba jakar yaron, don sau da yawa takardar tana nan a ƙasan littattafai ba wanda ya buɗe.