Idan sito ya ƙone, wa za a fara biya?

Duk ɗan kasuwar da ya jinginar da sito ko gida don karɓar rance, banki zai ce ya yi wa ginin inshorar gobara, kuma a rubuta sunan bankin a matsayin wanda za a fara biya idan asara ta auku. Dalilinsa a fili yake: jinginar da ta zama toka ba ta biyan bashi.

A ɗauka wani mai atamfa a Kantin Kwari ya ci bashin naira miliyan 50 a kan sitonsa. Shi zai rubuta wa kamfanin inshora, ko dillalin da ya haɗa su, domin inshorar tasa ce ba ta banki ba. Wasiƙar ta ƙunshi lambar takardar inshorar, adireshin ginin, adadin rancen, da cikakken sunan bankin kamar yadda yake a yarjejeniyar bashi. Kamfanin sai ya fitar da 'yar takardar ƙari mai sa hannu da hatimi, a liƙa ta ga ta asali, a kai wa banki kwafi. Wannan takarda ita ce hujja. "An gama, Alhaji" a waya ba ya tsayawa ranar biyan diyya.

To, wuta ta tashi bayan ya rage bashin zuwa miliyan 30, aka ƙiyasta ɓarna miliyan 45. Banki zai ɗauki 30, Alhaji ya karɓi 15. Banki ba ya cin abin da ya wuce bashinsa.

Inda ake faɗawa rami shi ne ƙimar ginin. Wasu kan yi inshorar daidai kuɗin rance don rage abin da suke biya duk shekara. In sake gina siton zai ci miliyan 100, shi kuma ya yi inshorar 50, kamfani zai ɗauke shi a matsayin wanda ya riƙe rabin haɗarin da kansa. Ɓarnar miliyan 45 sai a biya 22.5. Banki ya kwashe duka, ga sauran bashin miliyan 7.5 a wuyansa, ga kango. A ganina wannan tsimin ya fi gobarar cutarwa, musamman yanzu da farashin siminti da rodi ba ya zama wuri ɗaya.

A kuma tuna cewa a Najeriya wanda bai biya kuɗin inshora ba, ba shi da kariya, kuma sunan banki a takarda ba ya rayar da inshorar da wa'adinta ya ƙare. Shi ya sa bankuna kan sabunta ta da kansu su cire kuɗin daga asusun mai bashi.

Ranar da aka gama biyan rance, a karɓi wasiƙa daga banki cewa ba ya bin komai, a kai wa kamfani ya goge sunan. In ba haka ba, diyya za ta tsaya jiran sa hannun bankin da ba ya bin ka ko kwabo.