Waya Sabuwa, Layi Ya Ƙi Hawa: Inda eSIM Yake Maƙalewa

A shekarar 2022 kamfanin Apple ya fitar da iPhone 14, kuma waɗanda ya ƙera don kasuwar Amurka ba su da ramin sa sim ko ɗaya. Irin waɗannan wayoyi yanzu sun cika kasuwanninmu a matsayin na hannu. Mutum zai biya kuɗi masu nauyi, ya juya wayar gaba da baya yana neman inda zai tsira allura, sai a ce masa ai wannan sai eSIM. MTN ya fara bayar da shi a Najeriya a 2020, Airtel ya biyo baya a 2023, don haka samunsa ba wuya. Wuyar tana zuwa ne ranar da aka haska lambar QR wayar ta ce ba ta san zancen ba, ga alat ɗin banki da kiran abokan ciniki duk suna kan wannan layi.

Mafi yawan wahalar da ake sha ta samo asali ne daga fahimta guda da ta karkace. Mutane suna ɗauka cewa hoton QR ɗin shi ne sim, ba kuwa shi ba ne. A cikin wayar akwai wani ɗan ƙaramin cif da aka liƙa tun daga masana'anta, yana da lambarsa ta kansa mai alƙaluma 32 da ake kira EID. Bayanan layinka kuma, waɗanda ake ce wa furofayil, suna ajiye a kwamfutar da kamfanin layi yake amfani da ita. Hoton QR rubutu ne kawai mai gaya wa waya inda za ta je da abin da za ta faɗa idan ta isa. Ga siffarsa, da adireshi da lambar da na ƙirƙira don misali:

```
LPA:1$smdp.example.com$A1B2-C3D4-E5F6
```

Abin da ke tsakanin alamomin dala biyu adireshin kwamfutar ne, wanda waya take kira SM-DP+ Address. Na ƙarshen shi ne Activation Code. Ka ɗauke shi kamar katin waya da ake kankarewa: da zarar an loda, takardar tana nan a hannunka, amma kuɗin sun riga sun shiga wani wuri. A yawancin kamfanoni, furofayil yana sauka a cif ɗaya, kwamfuta ta rubuta cewa an ba da shi, shi ke nan. Akwai masu barin a sake amfani da hoton bayan an goge layin daga tsohuwar waya tana kan intanet, amma wannan tsarin kamfani ne, sai ka tambaya tun ranar karɓa.

Mu ɗauki misalin wata 'yar kasuwa mai sayar da atamfa ta WhatsApp. Shekara guda ke nan tana amfani da eSIM a iPhone 11, takardar QR ɗinta tana ninke a jaka. Ta je kasuwa ta yi musaya, ta ba da tsohuwar ta cika kuɗi ta karɓi iPhone 14 'yar Amurka. Yaron shago ya kwashe mata hotuna da lambobi ta iCloud, ya goge tsohuwar tas, har da zaɓin da ke share eSIM. Da ta isa gida ta haska takardarta, sai wayar ta rubuta "This code is no longer valid". Ta sake, ta kuma sakewa. Washegari ta koma shago.

"Malam, ba ka ce komai ya dawo ba?"

"Hajiya, komai ya dawo mana, ga hotunanki nan."

Gaskiya ya faɗa iya saninsa. Abin da ya kuɓuce masa shi ne ajiyar iCloud ba ta ɗaukar eSIM, haka ma ta Google. An gina cif ɗin ne yadda mabuɗan sirrin layi ba za su kwafu ba, domin da suna kwafuwa da ɓarawo ya yi layinka biyu. Saboda haka layin Hajiya ba ya cikin sabuwar, an share shi daga tsohuwar, takardar kuma ta gama aikinta tun bara. Lambarta ba ta ɓata ba, tana nan da sunanta a wurin kamfani, domin goge eSIM ba ya soke layi. Sai dai babu wani mai gyara da zai iya dawo da ita da kwamfutarsa, komai ƙwarewarsa. Hanya ɗaya ce: ta tafi ofishin kamfanin da lambar NIN ɗinta, a tantance ita ce, a yi mata abin da muka saba kira walkam bak, a ba ta sabon QR. Ni abin da ke ci mini rai a irin wannan shi ne kuɗin da ake karɓa a hannun mutane da sunan filashin, alhali matsalar ba ta cikin wayar.

Kafin ta tafi ofis, akwai bincike biyu da ya kamata a yi wa wayar, kuma da an yi su tun a kasuwa da ya fi. Na farko, a danna `*#06#`. Idan EID ya fito tare da IMEI, wayar tana da cif ɗin. Idan bai fito ba, a yi shakka sosai. Mafi yawan iPhone da aka ƙera don China da Hong Kong sim biyu na kati suke ɗauka, ba su da eSIM, ko da sunansu ɗaya da na wani wuri. Wayoyin Samsung ma haka, samfuri ɗaya yakan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Na biyu, a iPhone a shiga Settings, General, About, a gangara zuwa Carrier Lock. Abin da ake so a gani shi ne "No SIM restrictions". Idan wani abu daban ne, wayar a kulle take ga wani kamfanin waje, kuma za ta ƙi layinmu da saƙo irin "Cellular plans from this carrier cannot be added". Kamfanin da ya kulle ta shi kaɗai ke buɗewa. Dabarar nan ta ɗora siririn cif a ƙarƙashin sim, ta sim ɗin kati ce, wayar da ba ta da rami ba inda za a sa shi. Wanda ya ga haka, ya mayar da waya tun ciniki bai huce ba.

To, a ce waya lafiya lau, sabon QR yana hannu, amma ta tsaya tana juyawa ta ƙare da "Unable to Activate eSIM". A nan hanya ake zargi. Wayar tana buƙatar intanet kafin ta sauko da layin da zai ba ta intanet, shi ya sa galibi sai an sami Wi-Fi ko hotsifot na wani. Wi-Fi na otal ko na makaranta mai neman a shiga wani shafi tukuna yakan tare hanyar, VPN ma haka, sai a kashe shi. Akwai kuma wani abu da ba a cika tunawa da shi ba: agogo. Waya da kwamfutar kamfani suna tantance juna da takardun shaida masu wa'adi, idan kwanan watan wayar ya kauce sai ta ga shaidar kamar ta ƙare ko ba ta fara aiki ba. A sa Date & Time ya riƙa saita kansa.

Idan kyamara ce ta kasa karanta hoton, saboda takarda ta yamutse ko fuskar wayar da ake haskawa ta tsage, ba sai an koma ofis ba. A iPhone, cikin Settings, Cellular (wasu suna nuna Mobile Service), Add eSIM, Use QR Code, akwai Enter Details Manually, inda za a rubuta adireshin da lambar da hannu, harafi bayan harafi. A Samsung hanyar ita ce Settings, Connections, SIM manager, Add eSIM. Wani kamfanin yana ƙara lamba ta uku, Confirmation Code, wadda yake bayarwa daban. Shawarata, kada a yi ta haskawa ba ƙaƙƙautawa a kan intanet mai yankewa. Kwamfutar tana ƙirga yunƙurin saukewa, idan ya wuce iyakar da aka sa mata sai ta rufe lambar. Wanda ya gwada sau biyu abu ya ƙi, ya canja intanet kafin na uku. Kuma idan ma'aikacin kamfani ya nemi EID, a karanta masa na sabuwar waya a tsanake, domin idan aka ɗaure furofayil da wani EID, duk wata waya da ta zo nema za a mayar da ita.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda ya fi jawo asara. Layi ya sauka, sunan kamfani ya bayyana a Settings, amma sama tana nuna "No Service" ko "SOS". Sai hankali ya tashi, mutum ya danna Delete eSIM don ya sake daga farko, ya ƙone sabon QR ɗin da hannunsa. Kada a goge. Saukar furofayil daban, kunna shi a cibiyar kamfani daban, kuma na biyun yakan ɗauki lokaci. Alama mai kyau ita ce tsohon sim: idan har yanzu yana karɓar kira, kamfani bai gama juyo da lambar ba. A duba Turn On This Line a kunne yake, a kunna Airplane Mode a kashe, a sake tayar da wayar. A iPhone a buɗe shafin About a ɗan dakata, idan akwai sabon saitin kamfani zai fito da kansa a karɓa. Idan kira yana shiga data ce kawai ta ƙi, wannan batun APN ne ko kuma an bar data a kan ɗaya layin, furofayil ba shi da laifi. Mai Android ya kula wajen Reset, domin wasu wayoyin suna haɗa shi da zaɓin Erase eSIMs. Idan duk an yi ba sabis, a kira kamfanin da wata waya a karanta musu ICCID, doguwar lambar da ke farawa da 89, su duba ko ita aka haɗa da lambarka.

Akwai hanyar tura layi kai tsaye daga iPhone zuwa iPhone, Transfer From Nearby iPhone, wadda ke buƙatar iOS 16 ko sama, Bluetooth a kunne da lambar kulle a tsohuwar waya. Tana aiki ne kawai idan kamfanin layinka ya buɗe wannan ƙofa, ba kuwa kowane ya buɗe ba. Idan layinka bai fito a jerin ba, ko ya fito da rubutun cewa ba za a iya tura shi ba, wayarka ba ta lalace ba, ofis za ka nufa.

Don haka mai shirin canja waya ya tsara abin a jere. A binciki EID da Carrier Lock kafin a biya. A riƙe tsohuwar waya da layinta a ciki, ko da dillali zai jira kwana ɗaya. A je ofis da wayoyin biyu, a haska QR a gaban ma'aikaci, kada kuma a tura hoton ta WhatsApp ko a bar wani ya ɗauka, domin duk wanda ya riga ka haskawa layinka da lambobin sirrin bankinka sun koma wayarsa. Sai an kira an ji, saƙon banki ya shigo, data ta buɗe, sannan a goge tsohuwar a miƙa ta.