"Ba a ga saƙon ba": wane irin kwashe bayanai aka yi wa wayar?

A ɗauka ɗan kasuwa biyu sun yi rigima kan kuɗin kaya. Ɗaya ya rantse cewa abokinsa ya turo masa lambar asusu ta WhatsApp, ɗayan ya ce sam bai yi ba. Aka kai wayar wanda ya musanta ɗakin bincike, rahoto ya fito da cewa ba a ga saƙon ba. Kafin kowa ya yi murna ko ya karaya, akwai tambayar da na fi son a fara yi: ta wace hanya aka kwaso bayanan?

Hanya ta farko masu aikin na kiranta lojikal. Ana haɗa wayar da na'ura irin UFED ta kamfanin Cellebrite ko XRY ta MSAB, sai na'urar ta nemi wayar ta miƙo abin da ta yarda ta miƙo: lambobin mutane, jerin kira, saƙonnin tes, hotuna. Kamar baƙo ne a zaure, abin da maigida ya fito da shi kaɗai zai gani. Aikin yana da sauri, amma wayar ce ke yanke iyakarsa. A iPhone, kwafin ajiya da wayar ke bayarwa yakan zo da hirar WhatsApp a cikin fayil mai suna `ChatStorage.sqlite`, amma hirar Signal ba ta shiga wannan kwafin ko kaɗan. A Android kuwa, kowace manhaja na da ɗakinta da aka kulle, don haka sau da yawa abin da ake samu daga WhatsApp hotuna ne da muryoyi, sai wani kwafin hira a kulle mai ƙarewa da `.crypt14`, wanda makullinsa ke can cikin ɗakin da ba a shiga ba.

Idan wayar ɗan kasuwarmu Android ce kuma wannan hanya aka bi, to "ba a gani ba" ba ya wanke kowa. Ba a ma leƙa inda saƙon yake zama ba.

Hanya ta biyu ita ce kwashe dukan tsarin fayiloli, wadda ake ce wa ful fayil sistem. A nan sai an sami wata ɓaraka a tsaron wayar an kai matsayin da za a iya buɗe kowane ɗaki. Sanannen misali shi ne `checkm8` da aka bayyana a 2019, wanda ya shafi iPhone 4S har zuwa iPhone X. Da an shiga, mai bincike zai ɗauko asalin rumbun hirar:

```
/data/data/com.whatsapp/databases/msgstore.db
/data/data/com.whatsapp/databases/msgstore.db-wal
```

Fayil na biyun nan shi ne abin nema. Rumbun ba ya rubuta sabon canji kai tsaye a babban fayil. Yakan fara ajiye shi a wannan na gefe, daga baya ya haɗe su. Saboda haka saƙon da aka goge ɗazu yana iya kasancewa da tsohon kwafinsa a can. Ko a babban fayil ɗin ma, a wasu wayoyin gogewa alama ce kawai cewa gurbin ya zama fili, rubutun na iya zama har wani ya hau kansa. Sannan kowane saƙo na da lambar jeri. Idan mai bincike ya ga 4,210 sai kuma 4,213, ya san an cire layi biyu, kuma lokutan saƙonnin da ke gaba da baya za su nuna masa tsakanin yaushe da yaushe. Idan tazarar ta faɗo daidai ranar da ake gardama a kai, an sami abin riƙewa. Sai dai a yi hattara: lambobin na dukan hirarrakin wayar ne a haɗe, don haka giɓin bai faɗi da wa aka yi magana ba, balle abin da aka ce. Yana ɓata mini rai in ji an ɗauki giɓi kamar shi ne saƙon.

Ita ma wannan hanya tana da iyaka. Wayar da aka ci gaba da hira da ita makonni bayan gogewa, sababbin saƙonni sun riga sun cike guraben. Hoton da aka goge gaba ɗaya kuwa da wuya ya dawo, domin wayoyin yanzu kowane fayil da makullinsa, in ya tafi ya tafi da shi; sai dai a tsinci ɗan ƙaramin samfurinsa a wani wuri.

Halin da wayar ta iso ma yana da tasiri. Wadda aka buɗe ko sau ɗaya tun da aka kunna ta, makullanta na nan a shirye. Wadda ta mutu aka sake kunnawa ba tare da an sa lambar sirri ba, yawancin hirarta a rufe take. Shi ya sa ake sa wayar a jakar da ke tare sabis, ana kuma ba ta caji. Tun daga iOS 18.1, iPhone ɗin da ta kwana uku ba a buɗe ta ba takan sake kunna kanta, ta koma wancan hali mai wuya.

A rigimar 'yan kasuwar nan, lauya zai duba shafin farko na rahoton, inda ake rubuta nau'in kwashewar da ranar da aka yi ta, ya gwada da ranar da aka karɓe wayar. In ya ga `Logical` ne, sai ya nemi a sake aikin ta hanya ta biyu, kafin a mayar wa mai ita ya ci gaba da hira a kanta.