Bayanin Buƙata: Hujja Ake Nema, Ba Kuka Ba

"Al'ummarmu na fama da matsanancin ƙarancin ruwa, mata da yara na shan wahala ƙwarai." Da irin wannan jimla yawancin takardun neman tallafi ke buɗe sashen bayanin buƙata. Gaskiya ce, amma ƙauyuka ɗari za su iya rubuta ta ba tare da sauya ko harafi ba. Gwajin farko ke nan: cire sunan garinku ka sa na wani. Idan maganar ta zauna daram, ba ka faɗi kome ba tukuna.

A ce ƙungiyar ci gaban wani ƙauye ce ke neman kuɗin haƙa rijiyar burtsatse. Gyaran ba a kan tebur yake farawa ba. Sai an je wurin mai unguwa an ƙirga gidaje, an bi masu ɗebo ruwa da agogo a hannu, an kuma nemi izinin duba rajistar ƙaramin asibitin yankin. Daga nan sakatare zai iya rubuta wani abu kamar haka: "Gidaje 180 sun dogara ga rijiya ɗaya, wadda ke ƙafewa daga Maris zuwa Mayu. Mun bi gidaje 30 a watan Afrilu, muka tarar zuwa rafi da dawowa yana cin minti 95, kuma 'yan mata ne ke yin sa a lokacin makaranta."

Lamba ita kaɗai ba ta magana sai an jingina ta da ma'auni. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suna ɗaukar gida ya samu ruwan sha na matakin farko ne idan daga ingantaccen tushe yake, kuma zuwa da dawowa, har da bin layi, bai wuce minti 30 ba. Da ka ajiye 95 kusa da 30, kalmar "matsananci" ba ta da sauran aiki. Goge ta.

Kuskuren da ya fi damuna kuwa shi ne a rubuta "matsalarmu ita ce rashin rijiyar burtsatse". Wannan magani ne aka sa wa rigar ciwo. Ciwon shi ne awowin da ke salwanta da ruwan rafin da yara ke sha. Mai tantancewa yana so ya fara ganin ciwon, sannan ya auna ko burtsatse ce ta dace, ko yashe tsohuwar rijiya zai wadatar.

A kula da rajistar asibitin nan. Idan ta nuna gudawa ta ƙaru da bazara, rubuta adadin, da watannin, da inda ka samo shi. Kada ka ce ruwan ne ya jawo ta sai an gwada shi. Masu ba da tallafi kan turo jami'i ya ga wuri da idonsa, kuma lamba ɗaya da aka kumbura ta isa ta sa ya daina yarda da sauran.