Rubutun Ƙasan Hoto: Jariri Ya Cika Shekara Ɗaya

A gidan Bahaushe, suna ne babban bikin jariri, ranar bakwai. Bikin cika shekara baƙo ne, ya shigo da kek da balan-balan da wayar ɗaukar hoto. Hoton yakan fito da kyau, sai a zo rubutun ƙasansa a rasa ta cewa.

Ga yadda wata uwa za ta iya rubutawa: "Alhamdulillah, yau Ummi ta cika shekara ɗaya. Haƙora huɗu, tana dafa bango tana miƙewa. Allah Ya raya mana ke, Ya ba ki ilimi mai amfani."

Dubi inda alfaharin ya ɓuya: cikin haƙoran nan da dafa bangon. Uwar ba ta ce 'yarta ta fi ta kowa ba. Mutanenmu na tsoron baki, kuma in ɗan fari ne, kunya kan hana uwa kiran sunansa, balle yabonsa a bainar jama'a. Shi ya sa godiya ke shiga gaba, laƙabi ya maye gurbin suna.

Addu'a kuwa, ɗaya ko biyu sun isa. Masu jera likita, gwamna, attajiri, burinsu suke rubutawa, ba na yaron ba. Sannan don Allah a bar cikakken sunan yaro da unguwarku a gida.